Ɓoye lambar waya yayin kira

Ɓoye lambar waya yayin kira wata dama ce da kamfanonin sadarwa ke bai wa mai layi, ta yadda zai kira mutum ba tare da lambarsa ta fito a fuskar wayar wanda ya kira ba. A maimakon lamba sai wanda aka kira ya ga rubutu kamar `Private number` ko `Unknown` ko `No Caller ID`, gwargwadon irin wayar da ke hannunsa. A ƙasar Hausa ana ce wa irin wannan kira kiran ɓoyayyiyar lamba, wasu kuma su ce firaibet namba. A tsarin GSM sunan wannan hidima CLIR, ita kuwa hidimar da ke nuna wa mutum lambar mai kiransa sunanta CLIP.

Iyakar abin da ɓoyewar ke yi shi ne hana wayar wanda aka kira nuna lambar. Kamfanin layi yana ganin lambar, yana kuma ajiye ta a kundinsa kamar ta kowane kira. Saboda haka mai ɓoye lamba yana samun sutura kaɗan ne, kuma yana biyan ta da abubuwa biyu: ba za a iya kiransa a mayar ba, sannan da yawan mutane ba za su ɗauka ba tun farko. A yankuna irin kudancin Jihar Kano, wato Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, inda cinikin amfanin gona da neman mota da neman agaji duk suka dogara ga "bari in kira ka", wannan farashi yakan fi amfanin da ake nema yawa.

## Asali

A zamanin tarho na waya, wanda aka kira ba ya sanin mai kiransa sai ya ɗaga ya ji murya. A ƙarshen shekarun 1980 ne kamfanonin tarho na Amurka suka fara sayar da hidimar nuna lamba ga gidaje, kuma nan take aka yi ta cece-kuce. Masu lambobin da ba a sa a littafin tarho ba, da likitoci masu kiran marasa lafiya daga gidajensu, da gidajen da ke ba matan da suka gudo daga duka mafaka, duk sun koka cewa sabuwar na'urar za ta tona inda suke. A Jihar Pennsylvania har kotu ta yanke hukunci a 1990 cewa hidimar ta saɓa wa dokar jihar ta hana satar sauraren waya. Mafitar da aka cimma ita ce a bar nuna lamba, amma a bai wa mai kira hanyar rufe tasa. Daga nan aka sami `*67` da ake dannawa kafin lamba a Amurka da Kanada, da `141` a Birtaniya.

Tsarin GSM, wanda aka tsara a Turai, ya zo da hidimomin biyu a haɗe. Lokacin da wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, ta hannun Econet da MTN, yawancin jama'ar karkara ba su taɓa mallakar tarho na waya ba. Wayarsu ta farko ita ce mai nuna lamba. Wannan ya sa ganin lambar mai kira ya zama abin da aka saba da shi, rashin ganinta kuwa ya zama abin tuhuma. Al'adar filashin, wato a kira sau ɗaya a katse don mai kati ya kira, ita ma a kan nuna lamba ta ginu.

## Abin da ke faruwa a cikin layi

Idan mutum ya danna kira, wayarsa ba ta aika lambarta ga wayar wanda ake nema kai tsaye. Hasali ma wayar ba ta buƙatar sanin lambar da ke kan layinta. Abin da take yi shi ne ta gabatar da kanta ga turken sabis mafi kusa da shaidar da ke jikin sim, sai cibiyar haɗa kira ta kamfanin ta duba rajistarta ta gano lambar da ke kan wannan sim. Cibiyar ce ke rubuta lambar mai kira a cikin saƙon kafa kira, wanda ke tafiya zuwa cibiyar da ke kula da wanda aka kira, ko da kuwa ta wani kamfanin ce dabam.

A gefen lambar akwai wata ƙaramar alama da ke cewa ko dai "a nuna" ko "kada a nuna". Ɓoye lamba wannan alamar kawai yake sauyawa. Lambar kanta tana nan cikin saƙon, tana bin hanya tun daga cibiyar farko har ta ƙarshe. Cibiyar ƙarshen ce ke duba alamar, in ta ga an ce kada a nuna sai ta cire lambar daga abin da za ta miƙa wa wayar wanda aka kira. Ana iya kwatanta shi da wasiƙar da aka rubuta sunan mai aikowa a bayan ambulan, aka roƙi ɗan aike ya miƙa takardar kawai ya riƙe ambulan ɗin. Wanda ya karɓa bai ga suna ba, amma ɗan aiken ya gani.

Abubuwa uku suka biyo bayan haka. Na farko, wayar wanda aka kira ba ta karɓi lambar ba sam, don haka babu wani mai gyaran waya ko manhaja da za ta tono ta daga cikin wayar. Manhajoji irin Truecaller suna aiki ne ta hanyar ɗaukar lambar da ta shigo su nemo sunan da aka ajiye ta da shi. In babu lamba, babu abin da za su nema. Na biyu, kamfanin mai kira yana da cikakken bayanin kiran: wa ya kira wa, ƙarfe nawa, minti nawa aka yi, ta wane turke, da lambar IMEI ta wayar da aka yi amfani da ita. Na uku, tsarin ya tanadi wani rukuni na musamman na masu karɓar kira, irin cibiyoyin agajin gaggawa da na tsaro, waɗanda za a iya saita layinsu ya yi watsi da alamar ya nuna lambar ko an ɓoye.

Ba kowane kira marar lamba ne aka ɓoye da gangan ba. Tsarin ya bambanta lambar da mai ita ya hana a nuna da lambar da ta ɓace a hanya, kamar yadda kan faru ga wasu kiraye-kirayen ƙasashen waje da suka ratsa kamfanoni da yawa. Wasu wayoyi suna nuna ta farko da `Private number`, ta biyu kuma da `Unknown`, wasu kuwa suna haɗa su a rubutu ɗaya.

## Yadda ake ɓoyewa da yadda ake buɗewa

Akwai hanyar kira ɗaya, akwai ta dindindin. Don ɓoye lamba a kira guda, ana sa `#31#` a gaban lambar da za a kira, a haɗe ba tazara, sannan a danna kira:

```
#31#0803XXXXXXX
```

Da an gama wannan kiran, na gaba zai fita da lamba yadda aka saba. Akasin haka, mutumin da lambarsa ke ɓoye kullum zai iya nuna ta a kira guda da `*31#`:

```
*31#0803XXXXXXX
```

Danna `*#31#` kaɗai tambaya ce ga kamfani game da matsayin hidimar a kan layin, ba ta sauya komai. Amsar kan fito a fuskar waya cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Hanyar dindindin tana cikin saitin waya. A wayoyin Android da yawa ana shiga manhajar kira, a buɗe `Settings`, a zaɓi sim ɗin da ake nufi, a shiga `Additional settings`, sannan `Caller ID`. A can akwai zaɓi uku: `Network default` da `Hide number` da `Show number`. A iPhone maɓalli ɗaya ne, `Show My Caller ID`, a ƙarƙashin `Phone`. Ƙananan wayoyi masu madannai, waɗanda suka fi yawa a ƙauyuka saboda riƙe caji, suna da nasu a cikin saitin kira, da sunaye irin `Set by network` da `Hide ID` da `Send ID`. Sunayen na sauyawa daga waya zuwa waya, amma zaɓin ukun iri ɗaya ne. A waya mai sim biyu kowane sim da nasa saitin, abin da ke rikita mutane da yawa.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a sani. A wayoyin Android da yawa, ma'anar alamomin tana juyewa idan aka danna su ba tare da lamba a bayansu ba. `*31#` shi kaɗai yana kunna ɓoyewar dindindin, `#31#` shi kaɗai kuma yana kashe ta. Wato `#31#` da lamba a bayansa yana ɓoyewa, amma in ba lamba yana buɗewa. Wanda ya ji labarin lambobin a bakin wani ya zo yana gwadawa zai iya rufe layinsa bai sani ba.

Duk waɗannan roƙo ne wayar ke aika wa kamfani, kuma kamfani ne ke da ta cewa. In ba a buɗe wa layi hidimar ba, ko dai lambar ta fita duk da an nemi a ɓoye, ko kiran ya ƙi shiga, ko kuma zaɓin ya dushe a cikin saiti ya ƙi taɓuwa. Shi ya sa gwaji ɗaya tilo da za a dogara da shi shi ne a kira wata waya da ke kusa a ga abin da ya fito. Ɓoyewar kuma ta tsaya ne ga kiran murya na layi. Saƙon tes yana tafiya da lambar mai aikawa ko da an ɓoye ta a kira, haka nan kiran WhatsApp, wanda ke bi ta data kuma bai san da wannan saiti ba. Hada-hadar banki ta lambobin USSD ma ba ta shafe ta ba, domin da lambar layin banki ke gane mai asusu.

## Misali: layin da ya ɓoyu ba da sanin mai shi ba

Matsalar da aka fi kai wa masu gyaran waya game da wannan hidima ita ce ta wanda lambarsa ke ɓoye alhali bai nema ba. Ga misali na kwatance. A ɗauka wani mai sayen masara ne mazaunin Kiru, yana da dillalai a ƙauyukan Doguwa, yana kuma neman motar da za ta ɗauko masa kaya ta fito da su Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada ta haɗu da babban titin Kano zuwa Zariya. Ranar Litinin ya kira dillalinsa sau huɗu, waya na ƙara ba a ɗauka. Ya kira direbobi biyu, ɗaya ya katse, ɗaya bai ɗaga ba. Har dare babu wanda ya kira shi ya mayar, abin da ba a saba ba. Shi kuwa ana kiransa lafiya lau, katinsa na nan, sabis cike.

Alamar da ke nuna inda matsalar take ita ce wannan haɗin: kira na shiga, mutane dabam-dabam ba sa ɗauka, kuma ba mai mayarwa. Da layin ne aka rufe, kiran ba zai fita ba. Da mutum ɗaya ne ya toshe shi, sauran za su ɗauka.

Matakin farko, ya kira wayar ɗan'uwansa da ke zaune kusa da shi. Ta nuna `Private number`. An gano ciwon, saura inda yake. Sai ya sake kira da sim na biyu da ke cikin wayar, lamba ta fito sarai. Ke nan sim na ɗaya kaɗai abin ya shafa. Sai ya koma sim na ɗaya ya sa `*31#` a gaban lambar ɗan'uwan, nan ma lamba ta fito. Wannan ya nuna ba a kulle layin a ɓoye daga kamfani ba, tunda yana karɓar umarnin buɗewa. Gwaji na ƙarshe shi ne ya cire sim ɗin ya sa a wata ƙaramar waya ya kira. Lamba ta fito ba tare da an ƙara komai ba, wanda ya tabbatar cewa saitin yana cikin wayarsa ne. Ya mayar da sim, ya shiga `Caller ID`, ya tarar an zaɓi `Hide number`. Ya mayar da shi `Network default`, ya sake gwadawa, lamba ta fito. Irin wannan yakan samo asali ne daga yaro da ya karɓi waya yana gwada lambobin da ya ji, ko daga taɓe-taɓe a shagon caji.

Da a ce sim ɗin ya ci gaba da ɓoye lamba a cikin waya ta biyu, to saitin yana wajen kamfani, kuma babu abin da mai gyara zai iya yi. Sai a kira sashen kula da masu hulɗa. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta daidaita gajerun lambobi a duk layuka, inda `300` ta zama ta wannan sashe. In kamfani bai warware ba, hukumar tana karɓar koke ta `622` kyauta.

## Inda ɓoyewar ke da amfani

Akwai lokutan da mutum ke da dalili mai kyau. Malamar asibiti da za ta kira majinyaci da wayarta ta kanta don ta ce ya zo ya karɓi sakamako ba lallai ta so lambarta ta zama wadda za a riƙa kira tsakar dare ba. Matar aure da ke tambayar farashin kaya wajen wanda ba ta sani ba, ko malamin makaranta da zai sanar da uba cewa ɗansa bai zo ba, su ma haka. Abin da ya haɗa waɗannan shi ne kira ne guda, gajere, wanda ba a jiran amsa daga baya, kuma mai kiran zai faɗi ko shi wane ne da bakinsa da zarar an ɗauka. Ga irin wannan, `#31#` na kira ɗaya ya fi saitin dindindin, domin saitin dindindin mantawa ake yi da shi. Wanda kuwa aikinsa ke sa shi kiran baƙi kullum, layi na biyu na aiki ya fi masa, tunda ana iya kiransa a kai, yana kuma iya kashe shi in ya tashi daga aiki.

## Lokutan da ɓoyewar ke cutar da mai ita

Mafi haɗari shi ne lokacin neman agaji. Lambar gaggawa ta ƙasa a Najeriya ita ce `112`, kuma ita ake kira kai tsaye ba a sa komai a gabanta. Amma a aikace mutumin karkara ba ita kaɗai yake kira ba. Yana kiran wani ɗan sanda da ya sani, ko shugaban 'yan sintiri, ko mai unguwa, ko direban da ke kai mata asibiti in naƙuda ta zo da gardama. Duk waɗannan wayoyin hannu ne na yau da kullum, ba su da ikon ganin lambar da aka ɓoye. Hanyar da ta tashi daga Tudun Wada ta ratsa dajin Falgore zuwa Saminaka da Jos misali ce mai kyau. Wanda motarsa ta lalace a irin wannan hanya da yamma yana iya samun sabis na rabin minti, ya ce "muna cikin daji, mota ta mutu", kira ya yanke kafin ya faɗi daidai inda yake. In lambarsa ta fito, wanda ya kira zai yi ta gwada nemansa, zai turo tes, zai ba wani da ya fi kusa lambar. In a ɓoye take, babu abin da ya rage a hannun mai taimakon sai jira.

Na biyu shi ne duk harkar da amana ke cikinta. Yankin dajin Falgore ya sha fama da satar shanu da garkuwa da mutane, kuma a faɗin Arewa an saba jin labarin kiran barazana da na 'yan damfara masu cewa daga banki suke. Mutumin da ya ga kira ba lamba da daddare abin da zai fara zuwa ransa ke nan. Wasu ba sa ma ganin kiran, domin wayoyin zamani suna da saitin toshe duk kiran da bai zo da lamba ba, iPhone kuma a 2019 ta fito da `Silence Unknown Callers`. Mai neman aiki, da ɗalibin da ke kiran malaminsa kan sakamakon jarrabawa, da mai bin bashi cikin lumana, duk suna rage wa kansu damar a saurare su. Filashin da ɓoyayyiyar lamba kuwa aikin banza ne tsantsa: an tayar da mutum, ba a bar masa abin da zai kira ba.

Akwai kuma ɓarnar da yake yi a cikin gida. Saurayi da ke kiran budurwa da ɓoyayyiyar lamba don ya gwada ta, ko wanda ke kiran matar aure ya yi shiru, yana jefa wanda aka kira cikin zargin da ba shi da hanyar wanke kansa, tunda babu lambar da zai nuna a bincika. Mai kiran yakan ɗauke shi wasa, amma wanda ke amsa tambayoyi a gida ba shi ba ne.

Na uku shi ne wanda ya fi yaudarar mutane, wato mai son ba da rahoton sirri. Mutumin da ya ga ana kai wa ɓarayin daji abinci, yana so ya sanar ba tare da an san shi ba, zai iya zaton `#31#` ta ishe shi. Ba ta isa ba. A gari ƙarami murya ma suna ce, kuma wanda ya ɗauki wayar yana iya gane shi daga sallama. Kiran yana nan a jerin kiran da ke cikin wayarsa in wani ya duba, yana kuma nan a kundin kamfani da sunansa. Sannan jami'in da ya karɓi rahoton ba shi da yadda zai dawo ya tambayi ƙarin bayani, wanda ke rage wa rahoton nauyi. Mai irin wannan bayani ya fi samun kariya in ya zaɓi mutum ɗaya da ya amince da shi, ya gaya masa baki da baki, suka yi yarjejeniya a kan sakaya sunansa.

## Matsayin doka a Najeriya

Ɓoye lamba a karan kansa ba laifi ba ne, hidima ce da ke cikin tsarin waya. Abin da aka yi da kiran shi ne ke zama laifi, kuma hanyar gano mai kira a buɗe take ga hukuma. Tun 2011 ƙa'idojin NCC suka wajabta rajistar kowane sim da suna da hoto da zanen yatsa. A watan Disambar 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kuma a 2024 aka rufe layukan da ba a haɗa ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan zirga-zirgar sadarwa da na masu layi har tsawon shekara 2, su kuma miƙa su ga hukumomin tsaro idan an nema ta hanyar da doka ta tanada. Sashe na 24 na wannan doka, wanda aka yi wa gyara a 2024, ya shafi aika barazana ta hanyoyin sadarwa. Kundin Penal Code da ake aiki da shi a jihohin Arewa ya ma ware tsoratarwar da aka yi ta hanyar ɓoye suna a matsayin abin da ke ƙara wa mai laifi hukunci a kan na tsoratarwar kanta.

Wannan rajista tana da wani ɓangare da ke shafar wanda bai ji ba bai gani ba. Sunan da ke kan layi shi ake fara nema. Wanda ya ara wa wani wayarsa "ya yi kira ɗaya", ko ya yi wa wani rajistar sim da NIN ɗinsa, shi za a fara ƙwanƙwasa wa ƙofa in an yi barazana da layin, ko an ɓoye lamba ko ba a ɓoye ba.

## Bambancinsa da sauya lamba

Ana yawan haɗa ɓoye lamba da wani abu dabam, wato a sa wata lambar ƙarya ta fito a madadin ta gaskiya. Wannan ba ya yiwuwa da `#31#`. Ana yin sa ne ta na'urorin da ke shigar da kira daga intanet. A Najeriya ya yi ƙamari bayan 2016, lokacin da NCC ta sa kuɗin sauke kiran ƙasashen waje a kan naira 24.40 a minti, alhali na cikin gida yana naira 3.90. Wasu masu shigo da kira sai suka riƙa lulluɓe kiran waje da lambar gida don su biya ƙaramin kuɗin, har mutum ya ga lambar Najeriya ya ɗauka ya ji ɗan'uwansa ne daga Saudiyya. A 2018 hukumar ta hukunta wasu kamfanoni a kan haka. Ga mai karɓar kira, abin lura shi ne fitowar lamba ma ba hujja ba ce ta cewa mai kiran shi ne wanda ya ce shi ne, kuma babu bankin da ke neman lambar sirri ta katin kuɗi ko ta OTP a waya.

## Wanda ake damu da ɓoyayyen kira

Ba a iya toshe ɓoyayyen mai kira shi kaɗai, tunda wayar ba ta da lambar da za ta sa a jerin toshewa. Sai dai a toshe duk kiran da ba lamba gaba ɗaya. A manhajar kira ta Google wannan yana ƙarƙashin `Blocked numbers`, a maɓallin `Unknown`. Lambar `2442` ta hana damuwa ba ta da amfani a nan, domin saƙonnin talla aka yi ta dominsu.

In kiran ya kai ga barazana ko neman kuɗi, kada a goge shi daga waya. A rubuta ranar kowane kira da ƙarfe nawa ya shigo, har da minti, da tsawon lokacin da aka yi ana magana, da abin da aka faɗa, a kai ofishin 'yan sanda. Kamfani ba ya bai wa mai layi lambar wanda ya ɓoye don ya tambaya kawai, amma yana amsa buƙatar hukuma. Lokacin da aka rubuta daidai shi ne abin da mai bincike zai ɗora a kan kundin kiran layin, ya ware kira ɗaya daga cikin ɗaruruwan da suka shigo a wannan watan.